Sufeto ya ja mini jan biro a tsarin darasi, ina kuskuren yake?

Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata firamare ta gwamnati, ina riƙe da aji 3 mai yara 72, kuma wannan ce shekarata ta biyu a bakin aiki. Makon jiya jami'in duba makarantu ya shigo ajina a darasin lissafi, muna kan ɗebewa mai aro. A gurbin manufa na rubuta cewa ɗalibai za su fahimci ɗebewa mai aro kuma su san muhimmancinta. Na yi misali huɗu a allo yara suna maimaitawa a bayana, sannan a auna fahimta na tambaye su mece ce ɗebewa da yadda alamarta take, kuma kusan kowa ya amsa daidai. Duk da haka ya rubuta da jan biro cewa manufa da ayyuka da auna fahimta ba su dace da juna ba, ya ce zai dawo nan da mako 3. Kwana na yi ina rubuta tsarin nan, ba gurbin da na bari. Ina kuskuren yake, kuma me zan gyara kafin ya dawo?

Wata malama

Wa alaikis salam, Malama. Abin da ya kamata ki fara sani shi ne yadda ƙwararren sufeto yake karanta tsarin darasi, domin da yawansu ba daga sama suke farawa ba. Yakan leƙa ƙasa inda aka rubuta tambayoyin auna fahimta, ya riƙe su a zuciya, sannan ya hau sama ya nemi manufar da kowace tambaya ta zo aunawa. Idan ya same ta, sai ya sauko tsakiya ya nemi matakin da yaran suka gwada yin wannan abu da hannunsu kafin a tambaye su. Tambaya ɗaya ce tak yake yi wa takardar sau uku: abin da aka yi alkawarin yaro zai iya yi, shi ne aka ba shi damar gwadawa, kuma shi ne aka duba a ƙarshe? Cika kowane gurbi da kyakkyawan rubutu ba ya amsa wannan tambaya, shi ya sa tsari mai shafi uku yakan sha jan biro, mai shafi ɗaya ya wuce lafiya.

Ki ɗauko takardar taki ki ja layi a ƙarƙashin aikatau na kowane sashe, wato kalmar da ke nuna abin da yaro yake yi, za ki ga matsalar da idonki. A sama akwai fahimta da sani. A tsakiya abin da yaran suka yi shi ne kallo da maimaitawa. A ƙasa kuma sun faɗi ma'ana, sun nuna alama. Ayyuka ne iri uku da ba su san juna ba, kuma a cikinsu babu inda wani yaro ya ɗauki fensir ya ɗebe lamba daga wata lamba da kansa, alhali wannan shi ne sunan darasin. Abin da ya fi ɓata lissafin shi ne cewa yaron da ya taso daga aji 2 zai iya amsa tambayoyinki biyu tun kafin ki shiga aji, don haka amsar da suka bayar daidai ba ta zama shaidar cewa darasin ranar ya ƙara musu wani abu ba. Ina ganin sufeton ya yi gaskiya, ko da yake da ya zauna da ke na minti goma ya nuna miki wannan da baki, da ya fi jan biro amfani.

Gyaran yana farawa daga manufa. Laifin kalmomin fahimta da sani da gane muhimmanci shi ne cewa a cikin kan yaro suke faruwa, inda idon malami ba ya kaiwa. Ba cewa nake yi fahimta ba ta da amfani ba, ai ita muke nema, amma a takarda ana rubuta abin da yaro zai yi ne wanda zai nuna mana cewa ya fahimta. A kwaleji an koya muku ƙa'idar da Robert Mager ya shimfiɗa a 1962, cewa cikakkiyar manufa tana da sassa uku: aikin da ɗalibi zai yi wanda ake iya gani, yanayin da zai yi shi a ciki, da mizanin da za a ce ya iya. Yawancin malamai sukan riƙe sashe na farko su yar da biyun, kuma a nan ne auna fahimta yake rasa madafa, domin idan ba a faɗi mizani ba, babu yadda za a yi a ce an cimma manufa ko an gaza.

Da ni ne zan rubuta wa wannan darasi manufa, biyu kawai zan rubuta. Ta farko: a ƙarshen darasi ɗalibai za su iya nuna ɗebewa mai aro ta hanyar kwance damin kara guda ɗaya ya koma ƙwaya goma. Ta biyu: za su iya warware aƙalla 4 daga cikin tambayoyi 5 na ɗebe lamba mai gida biyu daga wata mai gida biyu, inda ake buƙatar aro, a cikin littattafansu, kowa shi kaɗai. Ki lura cewa ta biyun ta riga ta gaya miki yawan tambayoyin da za ki yi, da irinsu, da inda za a amsa su, da makin cin nasara. Ita kuwa maganar muhimmancin ɗebewa, ki faɗe ta a gabatarwa da misalin canjin da ake karɓowa a wajen mai shago, amma ki cire ta daga jerin manufofi, tunda ba ki da niyyar auna ta a minti 35. Duk manufar da kika rubuta bashi ce kika ɗauka, kuma sufeto zai nemi inda kika biya shi.

Ba daga kanki za ki ƙirƙiro waɗannan manufofi ba. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar bincike da raya ilimi ta ƙasa, NERDC, ta tsara an shimfiɗa ta ne a jadawali, kowane batu da manufofinsa, da ƙunshiyarsa, da ayyukan malami da na ɗalibi, da kayan koyarwa, da jagorar auna fahimta, duk a jere a layi ɗaya. Ki nemi kwafin da ke ofishin hedimasta ki buɗe batun ɗebewa na aji 3. Sai dai manufar da ke manhaja takan ɗauki mako guda ko fiye, don haka aikinki shi ne ki yanko daga cikinta gwargwadon abin da darasi ɗaya zai iya ɗauka. Malaman da suke kwafo ta gaba ɗaya su dasa a kan darasin rana ɗaya su ma suna shan jan biro, domin sun yi alkawarin da lokaci ba zai bari su cika ba.

Yanzu ga shawarar da na fi so ki riƙe. Da zarar kin gama rubuta manufa, kada ki wuce zuwa gabatarwa da matakai kamar yadda fom ɗin ya jera su. Ki tsallaka kai tsaye zuwa gurbin auna fahimta ki rubuta tambayoyin tun manufar tana gabanki, sannan ki dawo ki cike tsakiya. Dalilin da ya sa auna fahimta yake kaucewa shi ne cewa a ƙarshe ake rubuta shi, cikin dare, bayan an gaji, an manta abin da aka rubuta a sama, sai hannu ya tafi ga tambayar da ta fi sauƙin ƙagowa, wato mene ne kaza, kawo misalin kaza. Wanda ya rubuta tambayoyinsa da wuri kuwa, kowane mataki da zai sa a tsakiya zai tambayi kansa ko wannan zai taimaki yaro ya amsa su, kuma abin da ba zai taimaka ba zai faɗi da kansa.

Tambayoyi biyar ɗin da zan ba ki su ne 53 − 27, da 34 − 16, da 61 − 24, da 62 − 38, da 45 − 28. Ba haka kawai na zaɓe su ba, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Yara sukan yi manyan kurakurai iri biyu a ɗebewa mai aro. Na farko, yaro ya ga 3 a sama da 7 a ƙasa, ya ga ba za ta ɗebu ba, sai ya juya ya cire ƙaramar daga babbar, ya sami 4, sannan ya cire 2 daga 5 ya sami 3, ya rubuta 34. Wannan bai ma shiga maganar aro ba tukuna. Na biyu, yaro ya yi aron daidai, ya cire 7 daga 13 ya sami 6, amma ya manta cewa 5 ɗin da ya ci bashi a wajenta ta koma 4, sai ya rubuta 36. Wannan ya kama hanya, mataki ɗaya ne ya kuɓuce masa. Amsar gaskiya ita ce 26. Ashe da kallon lamba ɗaya a littafin yaro, 26 ko 34 ko 36, kin san ko ya iya, in kuma bai iya ba kin san ciwon da ke damunsa, kuma maganin mai 34 dabam yake da na mai 36.

Kwatanta wannan da 52 − 27, wadda a ido ba ta da wani bambanci da ta farko. Yaron da ya juya lambobi zai cire 2 daga 7 ya sami 5, ya rubuta 35. Wanda ya yi aro ya manta ragewa zai cire 7 daga 12 ya sami 5, shi ma ya rubuta 35. Kurakurai biyu mabambanta sun haifi amsa ɗaya, tambayar ta gaya miki yaro ya faɗi amma ta ɓoye miki dalili. Haka yake faruwa duk lokacin da tazarar lambobin gidan ɗaya-ɗaya ta zama 5, don haka ki guje wa irinsu a ranar aunawa, ko da yake ba laifi a yi amfani da su wajen atisaye. Sufeton da ya san lissafi, idan kika gaya masa dalilin da ya sa kika zaɓi 53 kika bar 52, zai san cewa tunani ne ya haifi tambayoyin.

Za ki kuma lura cewa ban sa 40 − 18 a ciki ba. Sifili a gidan ɗaya-ɗaya yana da tasa wahalar, yara da yawa sukan ce sifili a cire 8 saura 8, wasu su ce saura sifili, kuma ya cancanci darasinsa na kansa. Idan ba ki koyar da shi a matakai ba, sa shi a auna fahimta zalunci ne. Haka ma tambayar labari, irin ta cewa Binta tana da naira 53 ta sayi ƙosai na naira 27, nawa ya rage mata. Kyakkyawar tambaya ce, amma tana buƙatar yaro ya karanta, ya gane cewa ɗebewa ake nufi, ya jera lambobin da kansa, kuma duk wannan ba ya cikin manufarki ta yau. Rabe-raben manufofin ilimi da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956 sun bambanta tuna abu da fahimtarsa da kuma aiki da shi, kuma amfaninsu a gare ki a nan ɗaya ne: tambaya tana iya kauce wa manufa ta ƙasa, kamar yadda ma'anar ɗebewa ta yi, tana kuma iya kauce mata ta sama, kamar yadda labarin Binta zai yi. Malamai sun fi jin kunyar ta farko, amma ta biyun ce take sa yara su faɗi gaba ɗaya, malami ya ɗauka cewa daƙiƙai ne.

Sai matakan darasi. Dokar da zan ba ki ita ce kowace manufa ta sami matakin da yara ne suke aiki a cikinsa, ke kina zagayawa. Ki raba shafin gida biyu, aikin malama da aikin ɗalibai, kamar yadda manhajar ta yi. Idan kika karanta gidan ɗalibai daga sama har ƙasa kika ga babu komai sai suna sauraro, suna kallo, suna amsawa baki ɗaya, to darasin bai taɓa manufar ba, kome kyawun bayaninki. Amsa baki ɗaya tana da daɗin ji a aji, amma a aji mai yara 72 muryar goma da suka iya takan rufe shirun sauran, kuma sufeto ya san haka tun kafin a haifi yaran.

Ga yadda zan raba minti 35, idan haka jadawalinku yake, in kuma 40 ne sai ki ƙara biyar ɗin a kan aikin rukuni. Minti 5 na farko waiwaye ne a kan abin da darasin ya dogara da shi, wato gidan goma-goma da gidan ɗaya-ɗaya, da ɗebewa marar aro irin 58 − 23. Wannan shi ne ya kamata ya zauna a gurbin ilimin da ya gabata, domin jimlar nan da ake yawan rubutawa, cewa yara sun saba ganin lambobi a gida, ba ta gaya wa kowa komai. Minti 8 na gaba naki ne: ki ɗaga dami 4 da ƙwaya 2 na kara, ki ce ana so a cire 15, ki bar su su gano cewa ƙwaya 2 ba za ta ba da 5 ba, sannan ki kwance dami ɗaya a gabansu su ƙirga ƙwaya 12, su kuma ƙirga daman da suka rage su ga 3 ne. Duk abin da hannunki ya yi da kara, ki rubuta shi nan take a allo, ki soke 4 ki rubuta 3, ki mai da 2 ta zama 12, domin su ga cewa sokewar nan da ake yi a takarda ita ce kwance damin. Wannan haɗin shi ne maganin masu rubuta 36, tunda yaron da ya ga dami ya ragu da idonsa ba ya saurin mantawa.

Minti 10 na uku na rukuni ne. Yara 72 sun ba ki rukuni 12 na mutum shida-shida, kuma idan kowane yaro ya zo da guntayen kara ko tsinken tsintsiya 12 kwana ɗaya kafin darasin, kowane rukuni zai sami 72, waɗanda suka isa dami 6 da ragowar ƙwayoyi. A ɗaure su da roba ko zare tun da safe, kada ɗaurin ya cinye lokacin darasi. Ki ba su tambayoyi uku dabam da na aunawa, yaro ɗaya ya kwance dami, wani ya ƙirga, wani ya rubuta, a riƙa juyawa. Yayin da kike zagayawa kina tsayawa a kan rukuni kina cewa wance, nuna mini yadda za ki cire 19 daga 35, manufa ta farko kike aunawa, don haka ki rubuta wannan a gurbin auna fahimta a matsayin lura, kada sufeto ya nemi inda aka auna ta ya rasa. Minti 8 na huɗu a ajiye kara, kowa ya buɗe littafinsa ya yi tambayoyi biyar shi kaɗai. Minti 4 na ƙarshe a yi gyara a allo, a ba da aikin gida irin wanda aka koya.

Na san abin da za ki ce, cewa ba mai iya duba littafi 72 a minti 8. Gaskiya ne, kuma ba a buƙatar haka. Yayin da suke rubutu ki bi layi-layi kina kallon amsar tambaya ta farko kawai, kina ƙirga masu 26 da masu 34 da masu 36 a gefen takardarki. Wajen gyara su yi musayar littafi da na kusa da su, sannan masu 4 ko 5 su ɗaga hannu ki ƙirga. Ƙidayar ba za ta zama cikakkiya ba, yara sukan yi wa abokansu rangwame, shi ya sa za ki ɗauki littattafan layi ɗaya ko biyu ki duba da kanki a lokacin tara, gobe ki ɗauki na wani layin. Abin da kika samu ki rubuta shi a gurbin sharhi na ƙarshen tsarin, wanda mafi yawan malamai suke barin sa fayau ko su rubuta cewa darasi ya yi nasara. A ce yara 66 suka zo, 40 suka kai mizani, 15 suka juya lambobi, to ki rubuta haka da lambobinsa, ki ƙara da cewa za a sake aikin kara da waɗannan 15 ranar Laraba kafin a shiga batun sifili. Kada ki ji tsoron cewa wannan zai tona miki asiri. Sufeton kirki ya fi yarda da malamar da ta san yara 26 ba su iya ba, kuma ta faɗi abin da za ta yi musu, a kan wadda take rubuta nasara kullum tun farkon zango.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami a farkon aikina, a wata makarantar ƙauye. Na koyar da auna tsawo, manufata ta ce yara za su auna abubuwa da rula, amma rula ɗaya ce a ajin, kuma a hannuna ta wuni. Da mai dubawa ya zo, bai ce mini komai a kan takardar ba. Ya karɓi rular ya miƙa wa wani yaro a layin baya, ya ce ya auna masa littafinsa. Yaron ya ɗora bakin littafin a kan 1 maimakon sifili, ya karanta amsar da ta zarce da santimita ɗaya, na biyu da na uku ma haka suka yi. Mutumin ya mayar mini da rular, ya ce, "Malam, kai dai ka iya awo." Na ba ki wannan labari ne don ki san cewa binciken ba ya ƙarewa a takarda. Idan ya dawo, mai yiwuwa ne ya zaɓi yaro da kansa ya ba shi tambaya irin ta manufarki, ko ya buɗe littattafai uku ko huɗu ya ga ko aikin da ke ciki ya yi daidai da abin da tsarin ya ce an yi a wannan rana.

Saboda haka ki duba sauran takardunki su ma su yi magana da murya ɗaya. Batun da ke tsarin darasi ya zama shi ne na wannan mako a tsarin aikin zango, abin da kika rubuta a dayari ya zama abin da aka koyar da gaske, kwanan watan da ke littattafan yara ya dace da na tsarin, kuma hedimasta ya sa hannu kafin ranar darasi. Idan kin koma baya da mako guda saboda kin maimaita wani batu, ki rubuta dalilin a dayari, ya fi a tarar da giɓi babu bayani. Kayan koyarwar da kika lissafa kuma su kasance a ajin, a kuma ambace su a matakin da aka yi aiki da su, domin jadawalin bango da aka rubuta a jerin kaya amma bai fito a ko wane mataki ba shi ma rashin dacewa ne.

Akwai inda masu dubawa suke bambanta, kuma gara ki sani tun yanzu. Wasu sukan nace sai an rubuta manufa uku, ɗaya ta tunani, ɗaya ta ɗabi'a, ɗaya ta aikin hannu, a kowane darasi. A ra'ayina wannan yakan tilasta wa malamai ƙago manufofin da ba su da niyyar koyarwa, amma idan fom ɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku ta bayar haka ya tanada, ba ke ce za ki yi jayayya da shi a shekararki ta biyu ba. Manufofinki biyu sun riga sun cike tunani da aikin hannu. Ta ɗabi'a ki rubuta abin da za ki iya gani, misali cewa ɗalibai za su karɓi aikin kwance dami da rubutu bi da bi a rukuninsu, ki sa shi a matakin rukuni, ki kuma ambace shi a cikin abin da za ki lura da shi. Ta haka kin bi fom ɗin ba tare da kin ci bashin da ba za ki biya ba.

Game da mako ukun da ya ba ki, kada ki ɓata su wajen shirya darasi ɗaya na musamman domin ranar zuwansa, ballantana ki koya wa yara amsoshi tun da wuri, domin yaran da aka yi wa haka sukan ɗaga hannu kafin a gama tambaya, kuma duk wanda ya daɗe a aikin nan yana gane su. Ki sake koyar da ɗebewa mai aro a wannan makon da sabon tsarin, tunda darasin baya bai nuna miki wanda ya iya ba, ki bar tsohon tsarin mai jan biro a cikin littafin, sabon yana biye da shi. Daga nan kowane tsari da za ki rubuta, na lissafi ne ko na Hausa ko na kimiyya, ki sa wa manufofin lamba, ki rubuta lambar a gefen matakin da ya koyar da ita da gefen tambayar da ta auna ta. Kafin ki kai wa hedimasta, ki bi lambobin da yatsa: idan wata ta fito a sama ba ta fito a ƙasa ba, ko ki ƙara mata tambaya ko ki soke ta, idan kuma wata tambaya ba ta da lamba, ki ajiye ta sai darasin da ya dace da ita. Ranar da ya dawo, ki miƙa masa littafin a buɗe a shafin da ya yi rubutu, ki ce masa, "Ranka ya daɗe, ga gyaran da na yi, ga kuma abin da yaran suka samu," sannan ki roƙe shi ya duba miki tsarin darasin sifili da kike shirin koyarwa.